Wasiƙar gayyatar maƙwabta Kiristoci zuwa suna: ku duba mini kafin in raba

Baban Hanif, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Talata da misalin ƙarfe 2 na rana Allah ya sauki iyalina lafiya, an samu mace. Gidan da muke haya ɗaki 12 ne, biyar daga ciki na Kiristoci ne: mai gidan da iyalinsa Yarabawa, Ibo gida biyu, wani ɗan Kudancin Kaduna, sai wata nas. Ina so in ba kowa takarda a hannu. Ga abin da na rubuta: "Muna gayyatarku sunan 'yarmu ranar Litinin, kwana bakwai da haihuwa, a nan gida. Allah ya ba da ikon zuwa." Ya isa haka ko da gyara?

Maman Walida: Barka da arziki, angon ƙarni. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Ɗanladi Mile 12: Allah ya raya. In kati kake so ka tafi Shomolu, can ne matattarar masu buga takardu, kwana ɗaya sun gama maka. Ka ce su sa hoton jaririyar a tsakiya.

Baban Hanif, Agege: Amin, na gode. Ba kati ba ne Ɗanladi, takarda biyar ce kacal. Abin da zan faɗa a ciki nake tambaya.

Malam Idi-Araba: Allah ya raya ta bisa sunna. Kafin a zo maganar wasiƙa, gyara ranar tukuna. A lissafin Malikiyya da akasarinmu muka taso a kai, in an haihu bayan fitowar alfijir ba a ƙirga ranar haihuwar, haka yake a Risala. Ke nan Laraba ce ɗaya, Alhamis biyu, har ka kai Talata bakwai. Sunanka Talata mai zuwa ne, ba Litinin ba. Da cikin dare ta haihu kafin asuba, da Talatar ta shiga lissafi, suna ya faɗo Litinin. Akwai malaman da ke ƙirga ranar haihuwa ko da rana aka haihu, amma ka tambayi limamin da zai raɗa sunan wanne yake bi, kada ka raba takarda da wata rana shi kuma ya sa ran wata.

Sannan ka cire "kwana bakwai" daga takardar gaba ɗaya. Bayarabe yana cewa suna rana ta takwas ne, domin shi yana haɗawa da ranar haihuwa. Takwas ɗinsa da bakwai ɗinmu rana ɗaya suke faɗawa, Talata zuwa Talata. Amma in ka rubuta masa bakwai, da yatsunsa zai ƙirga ya tsaya a Litinin. Rubuta sunan ranar da kwanan wata kawai.

Hajiya Obalende: Malam ya gyara rana, ni lokaci zan kama. Takardarka ba ta da ƙarfe ko ɗaya. Mu mun san suna zama biyu ne: na maza da sassafe, na mata da yamma. Maƙwabcinka bai san wannan ba. Shi in ya ji suna, abin da ke zuwa ransa rumfa ce da kujeru da kiɗa, a fara da rana a kai dare. Zai yi wanka ya sa agbada ya fito ƙarfe 11, ya tarar da tabarmi a naɗe da ɓawon dabino a ƙasa, ya ɗauka an yi ba shi da gangan.

Ka rubuta lokacin farawa da na tashi, duka biyun. Misali raɗin suna 6:30 na safe, zuwa 7:00 an watse. Ka ƙara da cewa ba a jinkirtawa, domin a garin nan in an ce wa mutum ƙarfe 7 yana jin ƙarfe 9 ne. Wannan lokacin ma ya yi wa mai zuwa aiki daidai in a kusa yake aiki. Wanda ke tsallakawa Ikko ta tsibiri kuwa tun kafin 6 ya bar gida saboda cunkoso, shi sai ka nuna masa ya zo da yamma ko da daddare in ya dawo, gaisuwarsa ta karɓu.

Abu Sumayya: Ni fa ban gane ba. Raɗin suna ibada ce, Fatiha ake yi da salati. Me ya kawo wanda ba Musulmi ba ciki? A kai musu abinci ɗakinsu ya wadatar.

Malam Idi-Araba: Ba sallah ba ce, Abu Sumayya, ba kuma a cikin masallaci zai yi ba, a ƙofar gida ne. Addu'a ce da sanar da suna, ba a sharɗanta alwala ko wani abu ga wanda ya zauna ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, haƙƙin maƙwabci kuma bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Abin da ba za a yi ba shi ne a tilasta masa faɗin abin da bai yi imani da shi ba, ko a sauya addu'ar don a faranta masa. Wasiƙar ma amfaninta ke nan, kowa ya san inda zai tsaya.

Abu Sumayya: Na ji, amma in fasto ne ya ce shi ma zai yi wa yarinya addu'a a wurin fa? A nan ake samun matsala.

Sani Wanzami: Wannan tambaya ce ta gaske. A sunan Yarabawa Kiristoci fasto ke jagoranta, manya kuma sukan sa albarka ɗaya bayan ɗaya. Dattijo irin mai gida zai iya miƙewa bayan liman ya gama, yana ganin girmamawa ce. Maganinsa layi ɗaya ne a takarda: liman ne kaɗai zai yi addu'a, bayan an shafa kowa ya zo ya gaisa da uban yarinya ya yi masa fatan alheri. Ka ga ka ba shi wurin da zai faɗi nasa ba tare da an tsayar da shi a gaban mutane ba.

Bari in jera yadda safiyar take, domin wanda ya saba da abu yakan manta cewa baƙo ne ga wani. Ana idar da asuba maza su taru a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi. A zagaya da goro da dabino da alawa. Uba ya matsa kusa da liman ya faɗa masa sunan a hankali, liman ya yi huɗuba gajeriya ya sanar, wani mai murya ya ɗaga ya maimaita don na baya da matan cikin gida su ji. A yi addu'a ga yarinya da iyayenta da magabata, a ɗaga hannu a ce amin a shafa. Minti 20, in liman mai tsawaitawa ne 30. Daga nan a yanka rago, ni kuma in shiga in yi aski.

Abubuwa biyu a nan suke ɗaure wa baƙo kai. Na farko, ba a fito da jaririya wurin maza, uwar ma ba ta fitowa. Wurinsu iyaye ne ke zama a gaba da jariri a hannu kowa yana gani. In ba ka faɗa ba, za a yi ta tambaya ko lafiya, wata ma ta kutsa ɗakin mai jego da sassafe tana duba ko wani abu ya faru. Na biyu, suna ɗaya ne, kuma uba ya riga ya zaɓa, tun ranar haihuwa ma an yi mata huɗuba a kunne. Su kuwa kaka da kawu da gwaggo kowa na iya kawo suna, har a haɗa takwas ko goma a buga a takarda, wasu su ajiye kuɗi tare da sunan da suka ba da.

Maman Walida: Wallahi wannan na sunan gaskiya ne. Baba mai gida zai iya zuwa da sunansa a aljihu. Kada a gwale shi. In ya ce ya sa mata Ayomide ko wani, a ce an gode, ya riƙa kiranta da shi, lakabi ne, ba ya shiga takardar haihuwa. Yara nawa ne a Agege da Mushin ke amsa sunan Yarabanci a tsakar gida?

Ɗanladi Mile 12: To a rubuta musu su cire takalmi, matan kuma su zo da hijabi. Gara a faɗa tun wuri.

Hajiya Obalende: Rabin maganarka daidai ne. Takalmi na wanda zai hau tabarma ne. Ka ajiye kujeru kamar shida ko takwas a gefe, daf da tabarmin ba can nesa kamar an ware su ba, ka rubuta cewa mai son kujera ya zauna da takalminsa. Dattijo mai ciwon gwiwa ko Musulmi ne zai gode maka. Hijabi kuwa kada ka soma. Matar da kuke haɗuwa a bakin famfo kullum ka ce mata ta nemo hijabi don ta zo barka? Ba za ta zo ba. Ka ce babu anko, kowa ya sa kayan da yake zuwa taron mutunci da su. Da kanta za ta ɗaura zani da gwaggwaro, sun fi mu iya ɗaurin ma. Maganar anko tana da muhimmanci, domin in ba ka ce babu ba, za ta zo tana tambayar ina ashobin da za ta saya.

Baban Hanif, Agege: Ina rubutawa. Amma abin da ya fi damuna shi ne lokacin addu'a. Me zan ce su yi? Kar mutum ya zauna yana zare ido.

Malam Idi-Araba: Ka faɗa musu kai tsaye cewa ba a neman komai daga gare su. Addu'ar da Larabci da Hausa za a yi, za su ga an ɗaga hannu ana cewa amin, a ƙarshe a shafa fuska. Mai so ya ce amin, mai so ya yi shiru, ba wanda zai dube shi. Ka kuma gaya wa liman tun daren Litinin cewa akwai baƙi Kiristoci a zaune. Ba don ya rage komai ba, sai don kada a cikin addu'ar gama-gari a saki kalma irin arna ko makamanciyarta. Ɗan Kudancin Kadunan nan yana jin Hausa kamar kai, kuma shi sauran za su tambaya me aka ce.

Garba Mahauci, Oko-Oba: Ku bar ni da ɓangaren rago. A gidan haya na Legas yanka ya fi addu'a jawo faɗa. Tsakar gida siminti ne, babu inda za a tona rami, kwata ɗaya ce ta bi ƙofar kowa. In jini ya bi kwata ya kwanta, zuwa azahar ƙuda da ƙarni sun cika gida. Ka samu babban baho a tara jinin a ciki, ka tanadi jarka biyu ta lita 25 tun dare don kada a tare famfon gida lokacin da yara ke wankan makaranta. Kayan ciki a wanke a bokiti, toroson a ɗaure a leda biyu a fitar, kada a zuba a masai ya toshe. Yankan kuma ka sa shi ƙarfe 8, rana ta ɗaga, 'yan makaranta sun tafi. Ka rubuta wurin da lokacin a takarda, wanda ba ya son ganin jini ya san ta inda zai bi. Izinin mai gida kuwa da baki za ka nema, kafin takardar ta isa hannunsa.

Wani abu kuma, duk wanda zai juya maka takardar zuwa Turanci ko Yarabanci ka ja masa kunne kan kalmar yanka. Kada ya sa kalmar da ke nufin hadaya. Bayarabe in ya ji ebo, tunaninsa abin da ake ajiyewa a mararraba ne. A ce za a yanka rago don godiya ga Allah, a ci a raba wa maƙwabta da mabukata.

Abu Sumayya: Shi naman sunan ma ai ban san ya halatta a ba su ba.

Malam Idi-Araba: Nan kam akwai saɓani, ba zan ɓoye ba. A mazhabar Malik an karhanta ba wa wanda ba Musulmi ba naman layya, kuma hukuncin ragon suna yana bin na layya a yawancin abubuwa. Wasu malaman sun halatta, musamman ga maƙwabci, suna kafa hujja da Abdullahi ɗan Amr da aka yanka akuya a gidansa ya riƙa tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Karhanci ne a wajen masu hanawa, ba haramci ba. Kai, in za a bi littafin Malikiyya sak, mai da ragon suna walima a tara mutane a kansa ma an karhanta shi, an fi so a dafa a aika. Mu kuwa duk muna tarawa.

Garba Mahauci, Oko-Oba: A aikace abin yana warware kansa. Rago ɗaya matsakaici ba ya ciyar da taron mata, ga shi yawanci sai washegari ake suyarsa a raba. Dole za ka sayo naman sa ko kaji don shinkafar yamma. To abincin taro da naman kasuwa ne, ka faɗi haka a takarda. Ta ɓangarensu ma akwai masu tsantseni, wasu 'yan coci ba sa cin naman da aka yanka don wata hidimar addini da ba tasu ba. Ba duka ba, da yawa suna ci har su tambayi ƙari. Ka rubuta cewa soyayyen naman rago za a zagaya da shi Laraba, wanda ba ya so ya faɗa ba komai. In suna ya faɗo Juma'a a lokacin azuminsu na kafin Ista, ɗan Katolika ba ya cin nama ranar, sai a tanadi kifi. Naka Talata ne, wannan bai shafe ka ba.

Abu Sumayya: Ni dai a nawa ra'ayin a tsaya kan naman kasuwar, na ragon a bar wa Musulmi.

Maman Walida: A gida ɗaya, Abu Sumayya? Yaron Maman Emeka yana tsaye yana kallo ana miƙa wa na kusa da shi? Ni ba zan iya ba.

Hajiya Obalende: Wannan uban yarinya da limaminsa su yanke. Ni in koma kan yamma. Taron mata ka sa 3:00 zuwa 6:30, kafin magariba. A nan ne za su ga jaririya da mai jego. Ka faɗi abin da za a sha da sunansa: ruwa, lemon kwalba, zoɓo, kunun aya. In ka jera haka ka ƙara da cewa ba a kawo giya, ya fi daɗin ji a kan ka buɗe da hani. Ba raini ba ne in maƙwabci ya zo da katan ɗin giya ko kwalbar ruwan inabi, a wurinsa babbar gudummawa ce, kai ne ba ka faɗa masa ba. Mayar da ita a gaban mutane kuwa ya fi komai ciwo.

Kyauta ma a taɓa ta. Ka ce ba dole ba ce. In an matsa, abin da aka saba shi ne sabulu, omo, famfas, kayan jarirai ko turmin atamfa, kuma hannun mai jego ko 'yar uwarta ake ba wa. Babu liƙi, babu faranti da za a zagaya da shi. Lissafin abinci kuma ka ƙirga gida biyar ɗin nan da yaransu, ba mutum biyar ba. Derika ɗaya ta shinkafa tana cika roba huɗu zuwa biyar, don haka gida biyar ka ware musu derika biyar daban, a zuba a rufe tun kafin taro ya cika. In ba haka ba 'yan unguwa za su cinye, nas ɗin nan ta dawo daga aiki ƙarfe 8 ta tarar da tukunya wankakkiya.

Sani Wanzami: Askin ma a sa layi ɗaya. Wanda bai taɓa gani ba in ya ga aska a kan jaririn kwana bakwai hankalinsa yana tashi, ballantana ma'aikaciyar jinya. Ka ce gashin kai kawai za a aske, da sabuwar reza, a yi sadaka da kimar nauyinsa na azurfa. Ba tsaga, ba cire beli, ba komai. Kuma in ka rubuta haka ka tabbata haka wanzaminka zai yi, ka tsaya a kansa.

Baban Hanif, Agege: To ga sabuwar, ku duba:

"Zuwa ga maƙwabcinmu mai daraja da iyalinsa. Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba mu 'ya mace ranar Talata da ta wuce, uwa da 'ya suna lafiya. Za a yi suna ranar Talata mai zuwa a nan gida, muna so ku kasance tare da mu.

Da safe daga 6:30 zuwa 7:00 maza za su taru a ƙofar gida, kuma a kan lokaci za a fara. Za a raba goro da dabino, limaminmu zai sanar da sunan da muka zaɓa, ya yi addu'a da Larabci da Hausa. Shi kaɗai zai yi addu'ar. Ba a neman ku faɗi komai ko ku yi komai, zamanku ya ishe mu. Akwai tabarma, ana cire takalmi a kanta, akwai kuma kujeru. Jaririya da mahaifiyarta ba sa fitowa a wannan zaman, haka al'adarmu take. Bayan addu'a ina nan tsaye don mu gaisa.

Ƙarfe 8 za a yanka rago a can bayan gidanmu don godiya ga Allah, za mu wanke wurin da kanmu. Za a aske wa jaririya gashin kai kawai.

Da yamma daga 3:00 zuwa 6:30 taron mata da yara ne, a nan za a ga jaririya. Akwai shinkafa da naman sa daga kasuwa, da lemo da zoɓo da ruwa. Ba ma amfani da giya. Babu anko, kyauta ba dole ba ce. Wanda aiki ya hana, abincinsa na ajiye, ya zo a duk lokacin da ya dawo. Ku yi mana haƙuri da hayaniyar ranar. Maƙwabcinku, Baban Hanif."

Maganar rabon naman rago na bar ta tukuna sai na ga liman.

Hajiya Obalende: Ta yi kyau, amma akwai rami ɗaya. Nas ɗin ita kaɗai ce a ɗakinta, ba miji a nan. Matar mai gida kuma babba ce. In suka fito da safe ina za su zauna? Ka ƙara cewa matan da ke son jin sanarwar su shiga wurin matan gida, daga nan ana ji. Sannan mazan, ka nuna musu in suna son ganin jaririya da yamma su yi maka magana ka fito musu da ita, kada su faɗa tsakiyar mata.

Ɗanladi Mile 12: A wasu gidajen Agege ai maza da mata duk a rumfa ɗaya suke zama yanzu, irin na Yarabawa Musulmi. Ba sai an raba ba.

Maman Walida: Gidan da suka saba haka ne. Dangin mai jego in daga Arewa suka zo ba za su yarda ba.

Malam Idi-Araba: Ya rubuta abin da zai faru a gidansa, ba na gidan wani ba. Ka sa kwanan wata kusa da Talatar. Ta ɗan Kaduna ka bar ta da Hausa, sauran a juya musu zuwa Turanci mai sauƙi, ta mai gida in da hali da Yarabanci, kuma ka buɗe ta da Baba, kada ka kira sunansa. Ka kai da kanka, kada ka aiki Hanif, ka haɗa da goro ko alawa kaɗan a leda. Gobe Alhamis ko jibi Juma'a ya kamata ta isa, don mai neman izinin makara a wurin aiki ya samu dama.

Garba Mahauci, Oko-Oba: In za ka kafa rumfa a titi da yamma, ka sanar da shugabannin ƙungiyar layinku tun yanzu, takardar maƙwabta ba ta isar maka a nan. Bayan gidan naku ma akwai magudana ko duk siminti ne a rufe? In a rufe ne ka kawo ragon a yanka maka a nan mayanka ka koma da shi a feɗe, sai ka sauya wancan layin.

Baban Hanif, Agege: Akwai magudana amma tana bi ta ƙofar Maman Emeka. Bari in je in duba da safe kafin in ba da a juya takardar.